Text to Columns kaɗai ya isa gyara ginshiƙan da suka haɗe?

Sagir: Ni dai na ce duk teburin da aka ciro daga PDF zuwa Excel, in ginshiƙansa sun haɗe, Text to Columns ka zaɓi Space, an gama. Wa ke da ja?

Hajiya Rabi: Ni ce da ja, Sagir. Yawancin PDF ba ya ajiye tebur a matsayin tebur, wurin zaman kowane rubutu a shafi kawai ya sani. Manhajar da ke juyawa kintace take yi daga tazara, in tazarar ta matse sai ta cusa ginshiƙi uku cikin ɗaya. Dubi layuka biyun nan, suna da adadi da farashi: "Tawadar firinta baƙa 12 4,500" da "Biro 200 150". Ka raba da Space, na farko zai fashe gida biyar, na biyu gida uku. Sai ka tarar da 200 zaune ƙarƙashin "firinta".

Sagir: To Hajiya, sai a koma Fixed width, a ja layi da hannu.

Hajiya Rabi: Wannan sai in tsawon sunayen ya zo ɗaya, nan kuwa bai zo ba. Daga dama ake yanka, domin lambobi biyun ƙarshe ba su da tazara a cikinsu. A Microsoft 365, in layin yana gidan A2, ga yadda za ka ciro farashi, adadi, sannan suna:

```
=TEXTAFTER(A2," ",-1)
=TEXTAFTER(TEXTBEFORE(A2," ",-1)," ",-1)
=TEXTBEFORE(A2," ",-2)
```

Abin da ya fito rubutu ne, ba lamba ba. Za ka gan shi manne a hagu, SUM kuma ya ba ka 0. Ka sa biyun farko cikin VALUE, sannan ka gwada jimillarka da wadda ke ƙasan PDF ɗin.

Malam Isiya: Ni nawa ma Get Data bai ga teburin ba sam, alhali ga shi ina kallo.

Ummi: Malam, gwada zaɓar kalma ɗaya a cikin PDF ɗin da linzami. In ta ƙi zaɓuwa, hoton takarda ne, sai an bi ta OCR, mai mayar da hoton rubutu ya zama rubutu, tukuna. Taka matsalar daban ce. Amma Hajiya, layin da ba a rubuta adadinsa ba fa? "Takarda A4 900" zai sa A4 ta zama adadi.

Hajiya Rabi: Gaskiyarki, Ummi. VALUE zai tona shi da #VALUE!, ki tace waɗannan layukan ki gyara da hannu. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne sunan da ya ƙare da lamba zalla, kamar "Ƙusa inci 4 900". Wannan shiru zai wuce, 4 ta zama adadi.

Sagir: Duk da haka, tebur mai lambobi zalla, hanyata ta fi sauri.

Ummi: In babu gidan da aka bari fanko, i. Gida ɗaya ya ɓace, sauran layin ya gusa hagu. Ni Ctrl+E, wato Flash Fill mai cike ginshiƙi daga misalin da ka rubuta, nake amfani da shi a tsohon Excel ɗina, kodayake Hajiya ba ta yarda da shi ba.

Hajiya Rabi: Shi ma ai kintace yake yi. In za ki yi da shi, ki duba layi-layi.