Majigi mai raunin haske a babban ɗakin taro: yaya kuke tsara silaid ɗinku?

Maman Hanif: Assalamu alaikum. An ɗora mini haɗa takardun bita ta malaman firamare da za a yi a wani babban ɗakin taro. Masu gabatarwa shida ne, kowa ya turo nasa da irin launinsa da girman rubutunsa. Ɗakin dogo ne, tagogi dama da hagu babu labule, majigin kuma tsoho ne, da rana sai ka ƙura ido kafin ka ga abin da yake haskawa. Waɗanda suka taɓa aiki a irin wannan wuri, me ya yi muku aiki?

Baffa Injiniya: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki taɓa kwamfuta, je ki ɗakin da abin awo ki auno tsayin hoton da majigin ke bayarwa a bango, da nisan kujerar ƙarshe daga bangon. Wani ɗaki da na yi aiki a cikinsa, tsayin hoton mita 2 ne, layin baya kuma mita 18. Ƙa'idar da nake bi ita ce tsayin babban harafi ya kai kashi 1 cikin 200 na nisan mai karatu, a nan santimita 9 ke nan. Shafin PowerPoint tsayinsa inci 7.5 ne, wato maki 540 a ma'aunin da ake auna rubutu da shi. Idan kin sa rubutu a lamba 18, babban harafinsa bai cika santimita 5 ba a bangon, na baya ba za su karanta ba sai dai su yi ta gyaɗa kai. Sai da na kai lamba 34 sannan ya kai santimita 9. Don haka jikin rubutu na bar shi a 34, kanun a 44, abin da bai shiga ba na raba shi shafi biyu.

Idan lissafin ya dame ki, ga hanya mai sauƙi. Nisan ya ninka tsayin hoton sau 9, to ki buɗe silaid ɗin ya cika fuskar kwamfutarki, ki ja baya ninki 9 na tsayin fuskar, wajen mita biyu saura kaɗan. Abin da ba ki iya karantawa daga nan ba, na baya ma ba za su iya ba.

Sadiq Zariya: Ni dai a makaranta an koya mana kada a gaza lamba 24, kuma da ita nake aiki ba a taɓa yi mini ƙorafi ba. Launi kuwa, shuɗi mai duhu a baya da farin rubutu ya fi hutar da ido.

Baffa Injiniya: Sadiq, 24 ɗin ta aji ce mai ɗaukar mutum hamsin, can daidai ne. Maganar shuɗi kuma sai an kashe fitilu. Majigi ba ya haska baƙi. Abin da kake gani a matsayin baƙi, bangon ne da kansa a wurin da haske bai sauka ba. Idan rana tana shigowa, bangon nan a haskake yake, sai shuɗinka ya koma ruwan toka. Gara farin shafi da baƙin rubutu mai kauri, majigin ya zuba duk hasken da yake da shi.

Sadiq Zariya: Ban ƙi ba, Baffa, amma fa mun yi taron dare a ɗakin da aka rage fitilu, farin shafi ya riƙa kashe wa na gaba ido har wani dattijo ya nemi a canza.

Malama Rabi: Ku biyun kowa da ɗakinsa yake magana. Tambayar Maman Hanif ta rana ce, kuma a nan ina bayan fari. Abin da na gani da idona shi ne jan rubutu da koren rubutu su ne ke fara ɓacewa, rawaya a kan fari kuwa kamar ba a rubuta komai ba. Wata mai gabatarwa ta zana jadawali mai layi huɗu, ja da kore da ruwan lemo da ruwan hoda, tana cewa ku dubi jan layin, mutane suna tambayar juna wanne ne ja. Yanzu launi ɗaya nake yarda da shi bayan baƙi, shuɗi mai duhu, kuma kowane layi a rubuta sunansa a jikinsa.

Batun mutum shida kuwa, kada ki bi shafi-shafi kina gyarawa, za ki kwana a kai. Buɗe sabon fayil, ki shiga `View` sannan `Slide Master`, ki saita salon rubutu da girmansa da launi da wurin da kanu zai zauna sau ɗaya. Idan za ki kwaso na kowa, ki manna da `Use Destination Theme`, ki danna `Reset` a ƙarƙashin `Home`. Amma `Reset` ba ya taɓa akwatin da mutum ya zana da kansa ya yi rubutu a ciki, waɗannan dole ki bi su da hannu. Sannan ki zaɓi `Do Not Autofit`, in ba haka ba duk shafin da rubutu ya yi wa yawa kwamfutar za ta ƙanƙantar da shi da kanta, ki ga wannan 34 wancan 20.

Alhaji Tanko: Duk wannan wahalar ta mece ce? Ku yi hayar babban allon nan na lantarki da ake sawa a wuraren biki, magana ta ƙare.

Maman Hanif: Ranka ya daɗe, kuɗin da aka ware da ƙyar ya isa abinci da man janareta.

Ɗan Maraɗi: Akwai abin da ba a ambata ba. Tsofaffin majigin nan yawancinsu 4:3 suke haskawa, masu ɗigo 1024 a faɗi da 768 a tsaye, sabon PowerPoint kuwa da 16:9 yake buɗewa. Idan kika haska mai faɗin a tsohon majigi, sama da ƙasa za su zama fanko, hoton ya rasa kwata na tsayinsa, rubutun ma haka. Lambarki 34 sai ta dawo kamar 25. Ki shiga `Design` sannan `Slide Size` ki mai da shi 4:3 tun kafin ki fara jera rubutu, don canzawa daga baya yana hargitsa hotuna.

Kuma wani lokacin laifin ba na silaid ba ne. Na taɓa samun majigi yana kan `Eco Mode`, wato tsarin rage shan wuta, muna cirewa haske ya ƙaru. Wani kuma ƙurar hunturu ce ta lulluɓe gilashinsa. Idan kika ga fari ya koma kore-kore ko ruwan hoda, ki girgiza wayar VGA da ke haɗa kwamfuta da majigin a hankali. In launin yana sauyawa, wayar ce, ki nemi wata.

Malama Rabi: Tunda da Hausa za a rubuta wasu, ki gwada ƙ da ɗ da ɓ. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro daga wani salon, harafin ya fito siriri a tsakiyar kalma mai kauri. Arial bai ba ni matsala ba. Ki fitar da PDF ki riƙe, ko da kwamfutar ɗakin ba irin taki ba ce.

Maman Hanif: Na je na auno. Tsayin hoton mita 1.6 ne kawai, layin ƙarshe mita 21. A lissafin Baffa rubutun zai doshi lamba 50, layi nawa ke nan zai shiga shafi?

Baffa Injiniya: Huɗu ko biyar, da ƙyar. A nan girman rubutu kaɗai ba zai fitar da ke ba. Idan kika ja majigin baya hoton zai girma amma ya ƙara dushewa, don ninka tsayinsa sau biyu yana raba hasken gida huɗu. Ni da zan bar majigin inda yake, in rufe tagogi biyu mafi kusa da bangon da baƙin leda, in matso da kujeru gaba, jadawalin lambobi kuma a buga a takarda a raba. Mutum nawa ake sa rai, kuma kujerun na ɗauka ne ko a kafe suke?