Takardun gadon Baba: a fassara a Jidda ko a kai su Kano da Larabcinsu?

Maman Hanan: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu Allah ya yi masa rasuwa a nan Jidda ranar 5 ga Shawwal 1446. Fasfon Najeriya ne da shi da igama, wato katin izinin zama a Saudiyya, shekararsa talatin da wani abu a nan. Ya bar gida a Fagge da kuɗi a wani banki a Kano. Mun karɓi shahadar wafati, wato takardar shaidar rasuwa, daga ofishin rajistar jama'a na Ahwal Madaniyya, mun kuma fitar da sakkin hasarul warasa, takardar da ke lissafa magada, ta Najiz, shafin intanet na ma'aikatar shari'a, duka da Larabci. Ƙanena zai tafi Kano nan da mako biyu. Baffanmu ya ce kada mu ɓata kuɗi, a kawo takardun haka nan, akwai malamin da zai fassara a can da araha. Ni hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa yi, a nan kuka fassara ko a can? Kuma wane hatimi ake nema a kai?

Alhaji Sabil: Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. 'Yata, shawarata ku rufe shi a nan, ɗaukar gawa zuwa gida wahala ce da kuɗi, kuma wa ke barin ƙasar nan ya nemi wata?

Maman Hanan: Amin Baba Alhaji, na gode. Ai an rufe shi tun ranar. Maganar takardu nake.

Ɗan Misfala: Abu mai sauƙi. Saudiyya ta shiga yarjejeniyar afostil tun ƙarshen 2022. Ki sa a buga miki afostil, hatimi ɗaya da ke gaskata takarda don amfani a wata ƙasa, a Harijiyya, ma'aikatar harkokin waje, shi ke nan, babu zuwa ofishin jakadanci. Fassara kuma riyal 50 shafi.

Abu Yasir: Allah ya gafarta masa. Ɗan Misfala, gaskiya ne Saudiyya ta shiga, amma afostil yana aiki ne tsakanin ƙasashen da duk suka sa hannu, Najeriya kuwa ba ta ciki. Don haka tsohuwar hanya za a bi. Na yi shekara goma sha ɗaya a maktab na tarjama, wato ofishin fassara, ga yadda muke yi. A kai takardun maktab mai lasisi ya fassara zuwa Turanci ya buga hatiminsa. Gurfa Tijariyya, wato cibiyar 'yan kasuwa, ta gaskata hatimin maktab ɗin, sai Harijiyya ta gaskata na Gurfa, sannan ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ya buga nasa. Kowa sa hannun na gabansa yake shaida, shi ya sa ba a tsallake ɗaya. Asalin sakkin ma a gaskata shi, kada a tsaya ga fassarar kaɗai. Malamin Kano zai iya fin mu Larabci, wannan ba gardama, amma wa zai shaida wa banki cewa takardar da ya fassara ta gaske ce?

Sai dai 'yar'uwa, kafin ki je ko'ina, ɗauko fasfon Baba da igamarsa da takardar banki ki jera su. Yaya aka rubuta sunansa a kowacce?

Hajiya 'Yar Karantina: Wallahi wannan tambayar ta taɓa min ciwo. Ku bari in ba ku labari. Maigidana Garba sunansa. Da ya rasu na kai takardu wani maktab kusa da mu, na biya riyal 300 na shafi biyu, na bi duk hatiman nan da Abu Yasir ya lissafa, ina hawa mota ina sauka da azumi a bakina. Babu wanda ya ce min in kawo fasfo. A igamarsa da jimun aka rubuta sunan, sai mai fassara ya rubuta Jarba. Ni ba na karanta boko sosai, na ga hatimai sun cika takarda na ce alhamdu lillahi. Ɗana ya kai Kaduna, banki suka duba suka ce mai asusunsu Garba ne, wannan Jarba da ya mutu ba su san shi ba. Yaron nan wata huɗu yana zarya. Aka ce ya je kotu ya yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne, ya yi, suka karɓa, bayan mako uku suka kira wai lauyansu ya ce a gyara daga tushe. Na koma maktab ɗin, mutumin ya ɗaga kafaɗa ya ce abin da ya gani ya rubuta, in ina son sabo in sake biya. Na sake biya. Na sake bin hatimai daga farko, domin tsofaffin suna kan tsohuwar takarda. Kuɗin da muka kashe, da tikitin yaro, ya kusa rabin abin da ke cikin asusun. Har yau in na wuce ta layin nan sai na kau da kai.

Ɗan Misfala: Riyal 150 shafi? Hajiya an yanke ki. Ni 50 na biya.

Ummu Sadik: Wace shekara ka biya 50? Ni watan jiya 100 aka ce min, sakkin kotu kuma 120 saboda rubutunsa ya fi yawa.

Na Bab Makka: Hajiya ki yi haƙuri, amma wallahi jarabar Jarba ta ba ni dariya. Ni a igamata Ɗanjuma ya koma Danjum'a, kafilina kuma Jum'an yake kirana. Ranar da na mutu mutum uku za a yi wa sallah.

Hajiya 'Yar Karantina: Yi dariyarka ɗan nan, Allah kada ya nuna maka.

Abu Yasir: Abin da ya samu Hajiya kullum yana faruwa. Larabci ba shi da harafin ga, kowane ma'aikaci da yadda ya ga dama: wani jimun, wani ƙaf, wani gain. Gajerun wasula kuma ba a rubuta su, sai Hauwa ta fito Hawa. Mai fassara in bai san Hausa ba lalube yake. Maganinsa ki kai kwafin fasfon mamacin da na kowane magaji, ki ce a kwafi sunaye harafi da harafi daga can. Ki ce a nuna miki kafin a buga hatimi, ki zauna a wurin ki karanta. Lambar fasfo da ta igama su ma ki bi su ɗaya bayan ɗaya.

Sai kwanan wata. 5 ga Shawwal 1446 ya yi daidai da 3 ga Afrilu 2025 a kalandar Ummul Ƙura. In aka rubuta 03/04/2025 lafiya, amma wasu sun saba fara sa wata, sai ya fito 04/03/2025, a Kano a karanta 4 ga Maris. A ce Baba ya cire kuɗi da hannunsa ranar 20 ga Maris don hidimar azumi. A takarda ya zama an taɓa asusun mamaci kwana goma sha shida bayan rasuwarsa, wa kike ganin za a fara tuhuma? Ki ce a rubuta sunan watan da haruffa, a bar na Hijira a gefensa.

Malam Ɗan Mai Wurno: Ni dai ban ga abin wahalar kai ba. Kotun shari'a ce ke raba gado a Kano, alƙalan suna jin Larabci, wasunsu a nan Madina suka yi karatu. Baffansu ya fi mu sanin garinsa. Mu namu ya fi wannan tsanani, takardun gidan kakanmu suna Hartum, tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 babu wanda ya sa su a ido.

Abu Yasir: Allah ya kawo sauƙi Malam. Wajen gidan kana da gaskiya, alƙali zai iya karanta sakkin yadda yake. Banki ne ba zai karanta ba. Su yawanci takardar izinin kula da dukiyar mamaci suke nema daga Babbar Kotu, can kuwa da Turanci ake aiki.

Ɗan Misfala: Mai sayar da fassara ai ba zai ce kada a yi fassara ba.

Ummu Sadik: Kai da ka ce afostil ya isa, kai ne za ka tantance wa za a saurara?

Maman Hanan: Na duba. Fasfo Mohammed, banki Muhammadu, kuma a banki akwai sunan kakanmu da babu shi a fasfo. Sannan wani abu Yaya Abu Yasir. Sakkin nan, mahaifiyarmu da mu biyar ya lissafa. Baba yana da wata mata a Kano da yara biyu. Umma ta ce ya sake ta tuntuni, Baffa ya ce babu saki. Mai fassara zai iya ƙara sunayen yaran a ƙasa?

Abu Yasir: A'a! Ko harafi ɗaya. Mai fassara abin da ke takarda yake juyawa, in ya ƙara suna ya zama jabu, ke da shi duka za ku shiga uku. Yaran nan magada ne, ko an saki uwarsu ko ba a saka ba. Ita matar ce ake da magana a kanta: in tana da aure lokacin rasuwar, tumuni ita da Umma za su raba shi biyu. Ku koma kotun da ta ba da sakkin a gyara, da shaidu da takardun haihuwar yaran. Kada ki kashe ko riyal ɗaya a fassara kafin nan, don duk hatiman za su tashi a banza. Batun Mohammed da Muhammadu kuma, a bi fasfo, ƙanenki ya tambayi bankin tun yanzu me za su karɓa na haɗa sunayen biyu, a rubuce.

Maman Hanan: To tikitin ƙanena fa? An riga an saya.

Hajiya 'Yar Karantina: Tikiti ƙaramin abu ne. Ni abin da zan gaya miki, kada ku ba Baffan nan wakala, wato takardar wakilci, a buɗe. Mu mun ba ƙanin maigidana, aka fassara masa da hatimi da komai, ashe a ciki akwai sayarwa da karɓar kuɗi. Filinmu na Rigasa sai labari muka ji.

Alhaji Sabil: Haba Hajiya, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Baffa uba ne.

Ummu Sadik: Uba ne har ranar da aka yi wa fili kuɗi. Mu na nan gani suke riyal muke shara da tsintsiya, in an zo rabo sai a ce ai ku ba ku da buƙata. Yayata shekara shida tana jiran kasonta na gidan Gwammaja.

Na Bab Makka: Shi ya sa ni ban sayi komai a gida ba. Magadana za su raba bargo biyu da tukunyar shayi, babu mai neman hatimi.

Malam Ɗan Mai Wurno: Abu Yasir, wakalar da aka yi a Bur Sudan tana aiki a nan kuwa, ko sai an sake ta?