Abin da masana suka ce a duba kafin a sayi gilashin VR na kwamfuta

Gilashin VR shi ne wanda ake sawa a fuska a ga kamar ana cikin hoton. Shawarar da masana suka fi nanatawa ita ce a fara da katin hoto, wato sashen kwamfuta da ke zana abin da ake gani, domin shi ne ke ɗaukar nauyin aikin. Gilashin da ke nuna hoto 90 a daƙiƙa yana ba katin kimanin milisakan 11 kacal ya zana kowane hoto, kuma na ido biyu. In ya makara, sai hoton ya riƙa tsalle idan ka juya kai, daga nan jiri da tashin zuciya su biyo baya.

Sanin katinka ba wuya. Danna Windows da R tare, ka rubuta `dxdiag`, ka duba Display. Ɗauki misalin gilashin Valve Index: mafi ƙarancin abin da yake karɓa shi ne katin GTX 970 ko RX 480 da RAM gigabait 8, amma masu amfani da shi sun ce 16 ta fi kwanciyar hankali.

Inda mutane suka fi yin asara kuwa shi ne laftof. Index yana buƙatar ramin haɗa waya irin DisplayPort 1.2, kuma ƙaramin adaftan HDMI ba ya maye gurbinsa. A laftof da yawa ma, ramin USB-C da ake bi ta shi in babu DisplayPort yana haɗe ne da ƙaramin katin Intel, ba da na NVIDIA ba, sai gilashin ya tsaya baƙi ƙirin alhali katin NVIDIA ɗin mai ƙarfi ne. Buɗe NVIDIA Control Panel, shafin PhysX yana nuna katin da kowane rami yake haɗe da shi. A duba nan tukuna kafin a biya kuɗi.