Shin jin zafi kaɗai ne ke ba dabba haƙƙi?

Mun tattauna da wani malamin falsafa da likitar dabbobi kan jakin da ake yi wa lodin yashi fiye da ƙarfinsa.

Malamin ya ɗauko hujjar masanin falsafa ɗan Ingila Jeremy Bentham ta 1789: abin tambaya game da dabba shi ne ko tana shan wahala, iya magana ko tunani ba su ne ma'auni ba. Wani masanin falsafar, Peter Singer, ya faɗaɗa wannan a 1975. Idan bulala na yi wa jaki zafi, to an zalunce shi, ko da mai shi bai yi asarar komai ba.

Wani daga cikinmu ya kawo ra'ayin Kant, masanin falsafa ɗan Jamus, cewa mai hankali kaɗai ake yi wa wajibi kai tsaye. Ana hana dukan jaki ne don kada zuciyar mutum ta ƙeƙashe. Malamin ya tambaye shi: jariri fa, da bai san wajibi ba? Amsar da ya bayar ba ta gamsar da ni ba.

Ma'aunin zafi ma yana da giɓi. Idan aka kashe dabba nan take ba tare da ta ji komai ba, shi ke nan babu laifi? Wannan tambayar ta ci tura.

Shawarar likitar ta fi tsaya mini a rai. Jaki yana ɓoye ciwo, don haka kada a jira kukansa. A ɗaga akumari a duba gyambo, a lura da sunkuyar da kai da ƙin cin abinci. In an ga haka, a sauke kayan, a kai shi wurin likita.