Neman shawara: fayil 214 na masu neman gurbi, Rijistara yana son matsayin kowane ɗaya

Ɗan Ƙofar Sauri: Salamu alaikum jama'a. Wata biyu ke nan da aka maido ni ofishin admishan a wata kwaleji nan cikin Katsina. Jiya ogana ya turo mani fayil 214 na waɗanda ba a gama da su ba, ya ce Rijistara yana son rahoto ranar Alhamis, kowane ɗalibi a faɗi inda maganarsa ta tsaya. Na buɗe rijistar wanda na gada, duk abin da ya rubuta gaban sunayen "fendin" ne kawai, wato ana jira. Ta ina zan fara? Don Allah a taimaka, ba na son in kai abin da za a jefo mani.

Sagir Mai Kafe: Wa alaikumus salam. Wannan ai ba abin tashin hankali ba ne, abokina. Duk admishan yanzu ta CAPS, wato tsarin JAMB na ba da gurbi a intanet, yake bi tun 2017. Ka sa oganka ya buɗe shafin makaranta ya sauke maka jerin, ka kwafe abin da aka rubuta gaban kowa. Wanda aka sa wa Admission in Progress yana hanya, wanda aka sa wa Not Admitted bai samu ba. Awa biyu ka gama.

Baba Mai Ritaya: Sagir ya faɗi rabin gaskiya, amma in ka bi shi a haka za ka kashe yaran da suke da rai. Not Admitted ba ya nufin an ƙi yaro. Shi ne abin da yaro yake gani a shafinsa muddin makaranta ba ta gabatar da sunansa ba, ko fayil ɗinsa na kan teburin shugaban sashe, ko yana cikin durowarka, ko kuwa da gaske bai cancanta ba. Mutum uku masu matsala daban, rubutu ɗaya. Rijistara kuwa bambancin nan yake nema.

Ɗana, na yi shekaru a irin kujerar da kake kai, kuma abin da na koya shi ne kalmar "fendin" ba matsayi ba ce. Duk fayil ɗin da ka ɗauka, tambaya uku za ka yi masa: yanzu yana hannun wa, mi ake jira, kuma tun yaushe. In ka amsa ukun nan ka gama da shi, ka ɗauki na gaba.

Hannuwan ma ba su da yawa. Fayil yana iya zama a hannun ɗalibi saboda takardunsa na makaranta ba su cika ba, kamar takardar ƙaramar hukuma ko ta haihuwa, ko bai zo tantancewa ba. Yana iya zama a hannunsa ta wata fuskar, wato takarda ta cika a wurinku amma can a CAPS akwai abin da bai yi ba. Daga nan sai sashe ko kwamitin admishan. In sun amince, jami'in admishan ya gabatar da sunan a CAPS, sai ya koma jiran shugaban makaranta ya tura, sannan JAMB ta amince. Na ƙarshe, an ba yaro gurbi amma bai shiga ya danna Accept ba. Ka ba waɗannan lamba 1 zuwa 6 yadda na jero su, kada ka ƙirƙiro wa kowane fayil sabon bayani, don in ka yi haka ba za su ƙirgu ba.

Na biyun nan shi ne ramin da ake faɗawa, bari in ba ka misali. Wata yarinya ta cika fom tana jiran sakamako. NECO ta fito, ta je kafe ta buga, ta kawo mana, muka sa a fayil. Kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, makinta ya wuce abin da kwas ɗin yake nema, sashe ya sa hannu. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin zai rantse ba abin da ya rage. Amma da aka zo gabatar da sunanta, ba ta cikin waɗanda za a iya zaɓa. Sati uku mahaifinta yana zirga-zirga, mu muna cewa laifin na'ura ne. Ashe ba ta ɗora sakamakon a shafinta na JAMB ba, ta ɗauka kawo mana takarda ya wadatar. Aikin da za ta yi cikin yini guda a cibiyar CBT da aka amince da ita ko ofishin JAMB. A rijistarmu kuwa muna ta rubuta mata "ana jiran JAMB", alhali ita ake jira. Har yau abin yana damuna, don da wani ya duba da kyau a satin farko da ba a wahalar da dattijon nan ba.

Saboda haka fayil ɗin takarda shi kaɗai ba ya ba ka matsayi, jerin CAPS shi kaɗai ma haka. Sai ka ajiye su gefe da gefe. Kuma ka lura da masu haɗa zama biyu: yaro ya samu D7 a Turanci a WAEC, ya gyara da C6 a NECO, ya kawo maku duka biyun, amma WAEC kaɗai ya ɗora. A wurinku ya cika, a can ba shi da Turanci. Haka wanda ya sayi fom ɗinku amma wata makaranta ya zaɓa a JAMB bai canza ba. Duk lamba 2 ne.

Maman Walida: Alhamdu lillahi da na ga ma'aikacin admishan a nan. Ɗan'uwa, yarona sati uku ke nan nasa yana nuna Admission in Progress, kullum sai ya duba har ya rame. In turo maka lambarsa da fasuwod ɗinsa ka duba mana? Mu a Daura muke, zuwa yana yi mana wuya.

Ɗan Ƙofar Sauri: Hajiya, ki yi haƙuri, ni ma tambaya na zo yi, kuma ban san ko makarantarmu ya nema ba. Amma kada ki ba kowa fasuwod ɗinsa, ko ni. Wanda ya shiga da shi yana iya danna Accept ko Reject a madadinsa.

Baba Mai Ritaya: Hajiya, rubutun nan alama ce an gabatar da sunansa, ana jiran amincewar na gaba. Ba shi ne gurbi ba tukuna, amma ya fi shiru. Ya ci gaba da dubawa, in ya ga an ba shi ya karɓa da wuri.

Anti Rabi ta Rijistiri: Ƙanena, ni ta fannin kwamfuta zan ƙara a kan na Baba. Ka buɗe Excel, layi ɗaya mutum ɗaya. Ginshiƙin A lambar JAMB, B suna, C kwas, D lambar matakin da Baba ya faɗa, E abin da ake jira, F ranar da fayil ya shiga matakin da yake yanzu. Ka ji, ba ranar da aka cika fom ba, ranar da ya shiga hannun da yake. Ita ce take tona inda aiki ya kwanta. A G ka sa na farkon nan ya ƙirga maka kwanaki, na biyun kuma na ƙirga mutanen mataki guda ne:

```
=TODAY()-F2
=COUNTIF(D:D,3)
```

In G ta fito maka da kwanan wata maimakon adadi, ka mai da ginshiƙin zuwa Number. Ka yi na ƙirgen ga 1 har 6, ka tara. In jimla ba ta yi daidai da fayil ɗin da aka ba ka ba, kada ka buga, akwai wanda ya ɓace ko ya shigo sau biyu.

Kuma don girman Allah kada ka haɗa jeri biyu da suna. A garin nan Abubakar Sani nawa za ka samu a kwas ɗaya? Wani Muhammad ne a fom, Mohammed a JAMB, wani ya sa sunan uba a gaba. Ni na taɓa ba wani Usman matsayin wani Usman, aka ce masa ya samu, ya zo da murnarsa, na rasa inda zan sa fuskata. Da lamba ake haɗawa. In ka yi VLOOKUP ya ba ka #N/A alhali kana ganin lambar da idonka, yawanci fili ne ya maƙale a ƙarshenta, TRIM yana cire shi.

Shafin farko na rahoton ya zama taƙaice: kwanan watan da ka sauke jerin CAPS, adadin kowane mataki, da waɗanda suka fi daɗewa. Kwanan watan nan kariyarka ce, don abin da ka gani Talata yana iya canzawa kafin Alhamis. Cikakken jerin ya biyo baya, kuma Rijistara da oganka kaɗai za su gan shi, kada ya zagaya wayoyin mutane da makin 'ya'yan jama'a a ciki.

Sagir Mai Kafe: Na karɓi gyara, Baba. Amma akwai wanda ba ku ambata ba, kuma kullum ina ganinsu a shago. Wanda kwas ɗinsa ya cika aka mai da shi wani kwas. Sai ya shiga Transfer Approval ya amince kafin a ci gaba, da yawa ba su ma san an tura masu ba.

Baba Mai Ritaya: Wannan gaskiya ne, Allah ya yi maka albarka. Lamba 2 ne shi ma, amma a rubuta dalilin a fili, don kiran waya guda yana warware shi.

Ɗan Ƙofar Sauri: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na kwana biyu a kai, ga abin da ya fito. Tara daga ciki maimai ne, mutum ɗaya fayil biyu. Mafi yawa lamba 2 ne, mutum 61, wanda JAMB ake jira kuwa 12 kacal, alhali kowa a ofis cewa yake can abin ya tsaya. Akwai 47 a hannun sassa, wasu sun haura kwana 30 a sashe guda. Mutum 23 an ba su ba su karɓa ba, na fara kiransu. Saura biyar da suka ƙi shiga ko'ina: uku sai an haɗa zama uku kafin kiredit ɗinsu ya cika, biyu ba su da Lissafi sam. In rubuta ba su cancanta ba?

Anti Rabi ta Rijistiri: Ka rubuta. Zama biyu ne iyaka, barinsu cikin masu jira yaudararsu ce, gara su sani da wuri su nemi wata hanyar.

Baba Mai Ritaya: A nan na saba da ke, Rabi. Ba akawu ke yanke wannan ba, kwamiti ne. Ka ware su a ƙasan rahoton, ka rubuta abin da ka gani kawai: zama uku, ko babu Lissafi, ana neman hukuncin kwamiti. Ka tambayi oganka ko kwalejinku tana da shirin share fage da za a iya tura su. Sannan 47 ɗin nan, ka nuna wa oganka kafin Rijistara ya gani, ya kira shugaban sashen da kansa. Wata biyu kake da shi a ofis, kada sunan sashen mutum ya fara fita daga bakinka a gaban Rijistara.

Ɗan Ƙofar Sauri: To Baba, biyar ɗin zan ware su yadda ka ce. Amma kwanakin sassa zan bar su a takardar yadda suke, ba zan rage ko ɗaya ba. Gobe da safe zan kai wa oga ya fara gani, in sha Allah.