Adashi ko rance: wanne zai fitar da keken ɗinki kafin Sallah?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara. Ina son sayen babban keken ɗinki na lantarki, an yi mini ciniki a kan ₦450,000, kuma saura wata huɗu Sallah. An gayyace ni adashin mutum goma, zubin ₦50,000 duk wata, amma ni ce ta takwas a layi. Ko in shiga, ko in nemi rance?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Shiga adashi kawai, Hajiya. Adashi ba bashi ba ne, kuɗinki ne kike tarawa, babu mai bin ki ko kwabo.

Hajiya Uwani: Rabin maganarka gaskiya ne, Baban Khalifa, amma ga wanda ke ƙarshen layi. Ɗauki wannan adashin nata. Kwasa ɗaya ₦500,000 ce. Wadda ta kwasa a watan farko ₦50,000 kaɗai ta zuba, sauran ₦450,000 kuɗin mutane tara ne a hannunta, za ta biya cikin wata tara. Wannan bashi ne tsantsa, sai dai babu ruwa a kansa. Ta biyar rabi nata rabi na mutane. Ta goma kuwa ba ta ci bashin kowa ba, ita ce ma ta ranta wa kowa. Don haka kafin a ce adashi ya dace ko bai dace ba, lambar mutum ake fara tambaya.

Maman Ilham, ke ta takwas, ranar da za ki kwasa kin riga kin zuba ₦400,000 na guminki. Abin da adashin ya ranta miki ₦100,000 ne kawai. Da za ki riƙa ajiye ₦50,000 ɗin nan da kanki, a wata na tara za ki haɗa kuɗin keken. Wata ɗaya tak adashin ya rage miki, kuma Sallah ta wuce da wata huɗu.

Malam Isuhu Kantin Kwari: Ƙari a kan na Hajiya: kada ki ɗauka keken zai jira ki a kan ₦450,000. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari. In aka samu irin wannan shekara, kayan ₦450,000 na iya kaiwa wajen ₦540,000 cikin wata takwas, kwasar ₦500,000 ba ta isa ba ke nan. Na ƙarshen layi ba ya biyan ruwa, amma kasuwa tana yanke masa nata kason. Shi ya sa wasu 'yan kasuwa suka fi son zubin mako, mutum goma, mako goma an gama.

Ummi Zee: Ni dai adashi bai taɓa ba ni matsala ba. Mai adashinmu yana zagayowa shago kullum, in ba shi ₦2,000 ya sa alama a kati, ƙarshen wata ya cire zubin kwana ɗaya ya miƙo mini sauran.

Hajiya Uwani: Ummi, wannan daban ne duk da suna ɗaya. Naki ajiya ce, kuma ke ce ke biyan ladan ajiyar, babu ranar da za ki riƙe abin da ya fi wanda kika zuba. Nata na zagaye ne.

Maman Ilham: To rancen fa, Malam Isuhu? Tsoron ruwa nake ji.

Malam Isuhu Kantin Kwari: Ga lissafin, ki gwada da kowace lamba aka faɗa miki. A ce ƙaramin banki ya ba ki ₦450,000 a kan kashi 4 duk wata, na wata tara. Tambayar farko: a kan me ake lissafa kashi 4 ɗin? In a kan uwar kuɗin ne har ƙarshe, ₦18,000 ce duk wata, ₦162,000 a wata tara, ki biya ₦612,000, wato ₦68,000 a wata. In a kan abin da ya rage ne, ruwan yana raguwa, ya tsaya wajen ₦95,000. Ban da kuɗin takarda da ake yankewa tun kafin kuɗin su zo hannunki, ga mai tsaya miki, ga tarar jinkiri. Abin da kike saya da wannan kuɗin shi ne lokaci: keke yau, ba bayan wata takwas ba. In ɗinkin Sallah da na bukukuwa zai ƙara miki ribar da ta wuce wannan, lissafi ya fita. In bai kai ba, keken zai zame miki kaya.

Malam Tukur: Lissafi ya fita ko bai fita ba, ruwa riba ce irin wadda addini ya hana. Akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Su sayi keken su sayar miki da ƙarin da aka sani tun farko, ki biya kaɗan-kaɗan, kuɗin ba ya ƙaruwa don lokaci ya ja. Sai dai su ma suna son takardu da mai tsayawa, kuma ba a kwana biyu ake gamawa ba. Ki tambayi dilan keken ma, wasu suna karɓar rabi su raba sauran.

Baban Khalifa: Ai da sauƙi, ta ba mai lamba ta biyu ₦20,000 su yi musayar layi.

Malam Tukur: A'a. Musaya don Allah babu laifi, amma da zarar an sa mata farashi an dawo gidan jiya, kuɗi ne aka biya don a samu rance. Ta nemi alfarma ta hannun uwar adashi, a faɗa a gaban kowa.

Hajiya Uwani: Kuma sabuwar shiga da wuya a ba ta ta biyu, da dalili. A ce ta uku ta kwasa ta ɓace. Ta zuba ₦150,000, ta tafi da ₦500,000, giɓin ₦350,000 ne. In ba a yi sharaɗi ba, mutum bakwai da ba su kwasa ba kowa zai karɓi ₦450,000, ta ɗaya da ta biyu kuwa ko ƙwandala ba su rasa ba. Nan rigima take tashi. Tun kafin zubin farko a rubuta: ko uwar adashi ce za ta cike, ko wadda ta kawo mutum ita ce ke tsaya mata, ko a raba wa tara ɗin, kusan ₦39,000 kowa. A rubuta abin da za a yi in wata ta rasu bayan ta kwasa, domin bashi ne da ake fitarwa kafin rabon gado. Alamun adashin da zai ruguje ba su ɓuya: uwar adashi tana riƙe da hannu uku ko huɗu da sunan "wasu mata" da ba wanda ya taɓa gani, ranar kwasa tana zamewa daga 5 ga wata zuwa 12, ana ba mai kwasa rabi a ce ta dawo jibi. Ki nemi sunayen goman nan, ki ga aƙalla rabinsu da idonki.

Hadiza Maraɗi: A nan wajenmu akwai wata hanya, asusun Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maraɗi a 1991. Ana zubi duk mako cikin akwati, mai bukata ta ranta lokacin da bukatar ta taso, ba sai layi ya zo kanta ba, ƙarshen zango a fasa a raba. Amma yawanci ana mayarwa da ɗan ƙari, kuma akwatin ba ya nauyin da zai sayi keke a watannin farko.

Malam Tukur: Ƙarin nan shi ne inda muke taka birki, ko da a ƙarshe ku kuke rabawa.

Hadiza Maraɗi: Akwai ƙungiyoyin da suka cire shi, Malam, ba duka ba ne.

Hajiya Uwani: Ni shawarata, Maman Ilham, lamba ta takwas ta dace da abin da ke da rana sananniya a gaba, kamar kuɗin haya ko kayan ɗakin 'ya, musamman ga wadda kuɗi ba ya zama a hannunta. Ba ta dace da abin gaggawa ba. Kuma in ₦50,000 ta fi abin da kike iya fitarwa a watan da ɗinki ya yi sanyi bayan Sallah, ki nemi rabin hannu, ku haɗa ke da wata ₦25,000 kowa. Haɗa adashi da rance lokaci ɗaya kuwa, ₦118,000 ne duk wata, kada ki fara.

Maman Ilham: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Gobe zan sami uwar adashin in ji ko ta uku za ta yarda mu yi musaya, an ce bikin 'yarta sai bayan babbar Sallah. In ta ƙi, zan koma wajen dilan da ₦200,000 da ke hannuna. Malam Tukur, in ya ce sai na cika ₦480,000 saboda jinkirin, wannan ƙarin ya halatta?