Santimita 4 ko 5: daga ina naƙuda mai ƙarfi take farawa?

Rukayya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa takardun bitar matakan naƙuda, na maƙale a mataki na farko. Littafinmu ya ce naƙuda mai ƙarfi tana farawa ne idan bakin mahaifa ya buɗe santimita 4, kuma dole ya riƙa ƙara santimita 1 duk awa. Wata takardar kuma ta ce 5. Wanne zan rubuta, kuma yaushe ake cewa naƙuda ta yi jinkiri?

Hajara: Wa alaikumus salam. Ki raba su uku kawai ki huta. Na farko daga fara naƙuda zuwa buɗewar bakin mahaifa santimita 10, na biyu daga nan zuwa fitowar jariri, na uku zuwa fitowar mabiyiya, inda ake yin allurar oksitosin yunit 10 a cinya da zarar an tabbatar babu ɗa na biyu a ciki. Wasu malaman suna ƙara na huɗu, wato awa ɗaya zuwa biyu na sa ido bayan haihuwa saboda zubar jini.

Bilkisu: Hajara, ba rabon matakan ta tambaya ba. Rukayya, 4 ne. A fatogiraf, wato takardar da ake zana ci gaban naƙuda a kai, daga 4 ake fara sa alama a kan layin gargaɗi, layin ɗaukar mataki kuma yana awa huɗu a damansa. Idan buɗewar ta tsallaka layin gargaɗi, naƙuda ta yi sanyi ke nan, sai a fasa faya a ɗaura ruwan naƙuda.

Anti Saratu: Ƙanwata, duka biyun suna da asali, zamaninsu ne daban. Ma'aunin santimita 1 a awa ya samo tushe daga aikin Friedman na shekarun 1950, a kansa aka gina layukan fatogiraf. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da farkon naƙuda mai ƙarfi santimita 5, ta kuma ce kada a yi amfani da santimita 1 a awa shi kaɗai wajen yanke cewa mace tana cikin matsala, domin mata da yawa masu lafiya ba sa kai wannan saurin kuma su haihu lafiya ƙalau. Bakin mahaifa ba ya buɗewa da gudu iri ɗaya: yana jan ƙafa a 5 da 6, sannan ya ƙara sauri yayin da ake dosar 10.

Shi ya sa sabuwar takardar lura da naƙuda da hukumar ta fitar a 2020 ta ba kowane santimita nasa wa'adin. Idan mace ta tsaya a 5 har awa 6, ko a 6 har awa 5, ko a 7 har awa 3, ko a 8 har awa biyu da rabi, ko a 9 har awa 2 ba ta motsa ba, a nan ake cewa a tsaya a duba. Jimillar wannan zangon kuwa yawanci ba ya wuce awa 12 ga mai haihuwar fari, awa 10 ga wadda ta taɓa haihuwa.

Bilkisu ta yi daidai a bayanin layukan, amma ƙarshen maganarta ne ke da haɗari. Tsallake layi ba ya gaya miki dalilin jinkirin, kuma dalilin shi ne ke nuna magani.

Bari in buga misali. Mai haihuwar fari ta zo ƙarfe 8 na safe, santimita 5, kan jariri ana jin kashi uku cikin biyar a saman ƙashin mara. Ƙarfe 12 aka sake duba ta, tunda duk awa huɗu ake yi, aka samu 6. A tsohon fatogiraf ya kamata a ce ta kai 9, don haka ta riga ta tsallake layin gargaɗi. A sabuwar takarda ba ta yi laifin komai ba. Idan bugun zuciyar jariri yana tsakanin 110 da 160, uwa tana shan ruwa tana fitsari, sai a bar ta ta yi tattaki, ta ci abu mara nauyi, a ci gaba da sauraron jariri duk minti 15 zuwa 30.

Ƙarfe 4 na yamma har yanzu 6. Awa huɗu ke nan, saura ɗaya wa'adin ya cika, kuma ba sai agogo ya buga za ki fara tunani ba. Ki ɗora hannu a cikinta minti 10 cif ki ƙirga. Idan mahaifa ta ɗaure sau biyu kacal, kowanne bai fi daƙiƙa 20 ba, kai ya ɗan sauko zuwa kashi biyu cikin biyar, ƙasusuwan kan jariri ba su hau juna ba, to ƙarfin naƙudar ne ya gaza. A fara da masu sauƙi: a sa ta yi fitsari domin cikakkiyar mafitsara tana tare kai, a gyara ƙishirwa, a rage mata ciwo da tsoro. Bayan haka ne likita zai duba batun ruwan naƙuda, a wurin da ake ƙirga ɗigonsa kuma akwai ɗakin tiyata.

Amma a ce mahaifa tana ɗaurewa sau huɗu ko biyar a minti 10, kowanne kusan daƙiƙa 50, kai yana nan a kashi uku bai gusa ba tun safe, fatar kan ta kumbura, ƙasusuwan sun hau juna har yatsa ba ya iya raba su, bakin mahaifar ma ya yi kauri ya kumbura. Wannan ba sanyin naƙuda ba ne, kai ne ya kasa wuce ƙugu. Ɗaura ruwan naƙuda a nan tura mahaifa ne ta yi ta dukan ƙofar da ba za ta buɗe ba, ƙarshenta ta fashe, musamman ga wadda ta haihu da yawa, ko jariri ya galabaita. Idan kika ga jini a fitsari, ko ciki ya rabu biyu kamar an ɗaura masa igiya a tsakiya, an riga an makara sosai. Tiyata ce mafita, cikin gaggawa. Santimita 6 a takarda iri ɗaya ne ga matan nan biyu, don haka a takardarki kada ki rubuta buɗewa ita kaɗai, ki jera ta da saukowar kai, da ƙarfin naƙuda, da yanayin ƙasusuwan kai.

Maryam: Anti, akwai wani tarko a lissafin kashi biyar ɗin. Idan fatar kai ta kumbura sosai, mai dubawa ta farji za ta ji kamar kai ya sauko, alhali kumburin ne ya miƙo, ƙashin yana sama. Saboda haka a fara taɓa ciki a ƙirga yatsu nawa ke rufe kan a saman ƙashin mara kafin a sa safar hannu. Yatsu biyu ko ƙasa da haka, kai ya shiga ƙugu.

Bilkisu: Na karɓi gyara a kan ruwan naƙudar, Anti. Sai dai har yanzu ina da ja a kan jira. Ƙaramin asibitin da ba shi da tiyata, kuma babban asibiti yana da nisa, idan ya jira awa 6 a santimita 5 sannan ya fara neman mota, ai lokaci ya tafi. Amfanin layin gargaɗi tun asali shi ne a tura mace da wuri.

Anti Saratu: Wannan ja ne mai ƙarfi, kuma ita kanta hukumar ta bar ƙofar amfani da layin gargaɗi wajen tura mace daga irin wannan wurin, ba wajen fara magani ba. Inda za a ja iyakar ya danganta da nisan hanya da tsarin wurin, ungozomomi ma ba bakinsu ɗaya ba. Rukayya, game da jarrabawa, ki tambayi malamarku wace takarda za a yi maki da ita. A bitarki ki rubuta duka biyun kusa da juna, kowanne da shekararsa.

Rukayya: Na gode Anti, Allah ya ƙara ilimi. To idan mace ta iso tana santimita 7, ba a san tun yaushe take a nan ba, daga ina zan fara ƙirga awa ukun?

Maryam: Daga lokacin da kika duba kika rubuta 7 ɗin. Amma ki tambaye ta yaushe ciwon ya kankama, yaushe faya ta fashe, kuma ko an ba ta wani abu ta sha a gida. Wadda ta kwana tana naƙuda kafin ta zo, a duba alamun toshewa tun a bakin ƙofa, ba a ba ta sabuwar awa uku ba.